Gajimaren Ichimoku ga wanda ya saba da SMA da EMA: yadda ake lissafa layukan da yadda ake karanta su

Duk wanda ya daɗe yana aiki da SMA ko EMA, ranar da ya fara ɗora Ichimoku a taswirar farashi abu ɗaya yake yi: ya ga layuka biyar, ya ɗauka matsakaitan farashi ne guda biyar da aka jera masa, ya ci gaba da karanta su yadda ya saba. Nan ne ake fara ɓata. Babu ko ɗaya cikin layukan nan da yake tara farashin rufewa ya raba da yawan kwanaki. Huɗu daga cikinsu sun dogara ne da tsakiyar da ke tsakanin farashi mafi tsada da mafi araha, na biyar kuma farashin rufewa ne kawai aka ja baya. Idan ka riƙe wannan, sauran bayani ba zai yi maka wuya ba.

Ɗan jaridar Japan Goichi Hosoda ne ya tsara shi. Ya fara aikin tun shekarun 1930, bai fitar da shi ga jama'a ba sai ƙarshen shekarun 1960. Taswirar kwana-kwana ya yi wa, shi ya sa mu ma da ita za mu koya, wato D1, inda kowane kyandir yake tsaye a madadin yini guda.

Mataki na farko: ɗora shi, ka kashe duk wani abu

A MetaTrader 5 na kwamfuta, ka bi Insert, Indicators, Trend, sannan Ichimoku Kinko Hyo. A TradingView ka nemi Ichimoku Cloud cikin Indicators. Lambobin da za ka tarar su ne 9, 26 da 52, ka bar su yadda suke. Ka cire SMA da EMA ɗinka na ɗan lokaci, sannan ka shiga saitin Ichimoku ka ɓoye komai sai layi biyu, Tenkan-sen da Kijun-sen. A TradingView sunansu Conversion Line da Base Line.

Ka kula da launi. A MetaTrader, Tenkan ja ne, Kijun shuɗi. A TradingView abin a juye yake: Conversion Line shuɗi, Base Line ja. Mutum zai kalli bidiyon wani da ke amfani da ɗaya, shi kuma yana kan ɗayan, ya yi mako yana karanta layukan a birkice. Ka riƙe suna, kada ka riƙe launi.

Mataki na biyu: gane bambancin matsakaici da tsakiya

A ce ka yi kwana 9 kana rubuta kuɗin buhun gero a kasuwar Maraɗi. Kwana shida jika 20, kwana biyu jika 21, sai rana guda aka yi ƙarancin kaya ya kai jika 28. SMA zai tara duka ya sami 190, ya raba da 9, ya ba ka jika 21 da ƴan kai. Tenkan ba ruwansa da sauran kwanakin. Zai ɗauki 28 da 20, ya haɗa, ya raba biyu, ya ba ka jika 24.

```
Tenkan = (High9 + Low9) / 2
Kijun  = (High26 + Low26) / 2
```

High9 shi ne wuri mafi tsawo da farashi ya taɓa cikin kyandir 9 na ƙarshe, har da wutsiyar kyandir, ba wurin rufewa kaɗai ba. Low9 kuma mafi ƙasa. Kijun haka nan ne, amma da kyandir 26.

Yanzu dubi abin da zai biyo baya. Gobe gero ya dawo jika 22, jibi 23, gata 21. SMA zai yi ta ɗan motsi kullum, domin kowace sabuwar lamba tana shiga lissafinsa. Tenkan kuwa zai tsaya cak a 24, ya miƙe kamar an ja shi da zare, har sai ɗayan abu biyu ya faru: ko farashi ya wuce 28 ko ya faɗi ƙasa da 20, ko kuma ranar da aka sayar 28 ɗin, ko ranar ƙarshe da aka sayar 20, ta tsufa ta fita daga cikin kwana 9. Wannan ne dalilin da layukan Ichimoku suke tafiya kamar matakala, su miƙe, su yi tsalle, su sake miƙewa, alhali SMA lanƙwasa yake yi a hankali.

Mai SMA ya saba da cewa idan layi ya kwanta, kasuwa ta mutu. A nan maganar ta fi haka fayyacewa. Kijun a kwance yana gaya maka cewa iyakar sama da iyakar ƙasa na kwana 26 ba su canza ba, kuma layin yana daidai rabin tazarar. Farashi yana sama da shi, yana cikin rabin sama na abin da aka yi ciniki a kai cikin wannan lokaci. Yana ƙasa, yana cikin rabin ƙasa. Masu ciniki da yawa suna lura cewa idan farashi ya yi nisa da kwantaccen Kijun yakan dawo gare shi. Ba sihiri ba ne: kasuwar da ke kai da komo tsakanin iyakoki biyu dole ta riƙa ratsa tsakiyarsu.

Abu ɗaya nake so ka yarda da shi tun yanzu, don kada a sayar maka da abin da ba haka ba. Idan farashi yana hawa a miƙe, kullum da ɗan ƙari iri ɗaya, Kijun da SMA 26 kusan wuri ɗaya suke zama. Kijun bai fi shi sauri ba a irin wannan hali. Inda suke rabuwa shi ne lokacin da kasuwa ta yi tsalle farat ɗaya, ko ta tsaya tana zagaye.

Mataki na uku: kunna gajimaren

Koma saiti ka kunna Senkou Span A da Senkou Span B, waɗanda TradingView ke kira Leading Span A da B. Filin da ke tsakaninsu, wanda aka shafa wa launi, shi ne Kumo, gajimaren.

```
Senkou A = (Tenkan + Kijun) / 2
Senkou B = (High52 + Low52) / 2
```

Lissafin bai kawo sabon abu ba. Sabon abu shi ne inda ake zana sakamakon: ba a ƙarƙashin kyandir na yau ba, ana tura shi gaba da kyandir 26, cikin filin da farashi bai kai ba tukuna. Idan ba ka ga wannan ɓangaren a MetaTrader ba, ka danna Chart Shift don a buɗe maka fili a hannun dama.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, har wasu su ce Ichimoku yana ganin gaba. Ba ya gani. Gajimaren da ke can gaba lissafin yau ne aka ajiye shi a gaba. Gajimaren da ke daidai ƙarƙashin kyandir na yau kuwa, an lissafa shi tun kwana 26 da suka wuce. Don haka kullum gajimare biyu kake kallo, kuma tambaya biyu daban suke amsawa. Na ƙarƙashin farashi yana nuna maka ko farashin yau ya fi tsakiyar cinikin da aka yi a watannin baya. Na gaba yana nuna maka yadda gajeren zango da dogon zango suke tsaye a yau: idan A yana sama da B gajimaren na hawa ne, TradingView yana shafa masa kore, idan B ne a sama na sauka ne, ja. Inda suka ratsa juna launi ya sauya, shi ake kira murɗewar gajimare, kuma ranar da murɗewar ta bayyana a bakin dama ita ce ranar da abin ya faru, ba ranar da farashi zai iso wurin ba.

Ga mai SMA, akwai hanyar auna jinkirin. Senkou B tsakiyar kyandir 52 ne, wato a kasuwa mai tafiya a miƙe yana baya da kimanin kyandir 26. An kuma tura shi da wasu 26. Jimilla kimanin 52. SMA da yake da irin wannan jinkiri shi ne na wajen 100. Saboda haka idan ka taɓa amfani da SMA 100 don raba lokacin saye da lokacin sayarwa, ka riga ka san aikin gajimare. Abin da ya ƙara maka shi ne kauri. SMA layi ne siriri, farashi zai iya ratsa shi sau biyar cikin mako, kowane ratsawa yana ce maka ka juya. Gajimare fili ne, kuma filin yana ba ka amsa ta uku da SMA ba shi da ita: farashi yana sama, farashi yana ƙasa, ko farashi yana ciki, ka zauna ka jira. A ganina wannan amsa ta uku ita ce mafi daraja a cikin tsarin gaba ɗaya, ita ce kuma aka fi ƙin bi.

Gajimare mai kauri yana nufin tsakiyar gajeren zango ta yi nisa da ta dogon zango, wato an yi tafiya mai ƙarfi a baya, kuma farashi yana da hanya mai tsawo kafin ya fita ta ɗaya gefen. Siriri kuwa kyandir ɗaya ma ya isa ya ratsa shi, don haka ratsa siririn gajimare ba wani babban labari ba ne.

Mataki na huɗu: Chikou

Chikou Span, ko Lagging Span, shi ne mafi sauƙi: farashin rufewa na yau, an zana shi baya da kyandir 26. Ka dubi inda bakinsa ya tsaya. Idan yana sama da kyandiran wancan lokaci, farashin yau ya fi na kwana 26 baya. Idan ya cusa kai cikin kyandiran, wata guda ana tafiya ba a je ko'ina ba. Iyakar abin ke nan. Wanda layin yake dame masa taswira zai iya ɓoye shi ya ƙirga kyandir 26 baya da idonsa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu ɗauki zinariya, XAUUSD, a D1. Lambobin na koyo ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi, ba farashin wata rana ba ne. Yau an rufe a 2,060. Mafi tsada cikin kwana 9, da 26, da 52 duk ɗaya ne, 2,080, domin kwanan nan aka kai shi. Mafi araha kuwa 2,020 cikin kwana 9, da 1,960 cikin 26, da 1,900 cikin 52.

Tenkan ya zama 2,050, Kijun 2,020. Senkou A tsakiyar waɗannan biyu, 2,035. Senkou B tsakiyar 2,080 da 1,900, wato 1,990. Waɗannan biyu na ƙarshe can gaba za a zana su, kuma da yake A ya fi B, gajimaren gaba kore ne. A ce kuma gajimaren da ke ƙarƙashin kyandir na yau, wanda aka lissafa kwana 26 baya, A ɗinsa 1,955 ne B kuma 1,975, wato ja ne, kuma a wancan rana an rufe a 1,970.

Ka fara da gajimaren ƙasa. Farashi 2,060 yana sama da rufinsa, 1,975, saboda haka saye kaɗai za ka nema. Jan launinsa kada ya tsorata ka, labarin wata guda baya yake bayarwa. Sai ka dubi Tenkan da Kijun: 2,050 ya fi 2,020. Wannan shi ne ɗan'uwan ratsawar EMA gajere da dogo da ka sani, sai dai a nan ana auna ƙarfinta da wurin da ta faru. Tenkan ya ratsa Kijun zuwa sama alhali suna bisa gajimare, alama ce mai ƙarfi. A cikin gajimare, tsaka-tsaki. A ƙarƙashinsa, mai rauni, domin sau da yawa ɗan numfashi ne kasuwa ta yi a tsakiyar faɗuwa. Daga nan Chikou: 2,060 ya fi 1,970 nesa ba kusa ba. Gajimaren gaba kuma kore. Duka sun yarda.

To sai me, a danna Buy? Tsaya tukuna, ka fara tambayar inda za ka fita idan ba ta yi ba. Wurin da ya dace da wannan tsari shi ne ƙasa da Kijun kaɗan, a ce Stop Loss a 2,010. Daga 2,060 zuwa 2,010 dalar Amurka 50 ce a kowane oza. A wurin yawancin dillalai 0.01 lot na zinariya oza ɗaya ne, kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka iya buɗewa. Idan muka ɗauki dalar Amurka a sefa 600 don sauƙin lissafi, jika 30 ke nan. Wanda jarinsa jika 300 ne, kashi 10 cikin 100 ya ɗora a kan ciniki guda. Uku a jere suka ɓaci, kusan sulusin jari ya tafi. Alamun duka sun yi kyau, amma cinikin bai dace da aljihun ba.

Abin da mai haƙuri zai yi shi ne ya jira farashi ya sauko kusa da Kijun, a ce 2,025, ya ga kyandir na yini ya rufe bai faɗa ƙasa da layin ba, sannan ya shiga. Tazarar ta koma dalar Amurka 15, jika 9, kashi 3 cikin 100 na wancan jari. Har yanzu ya yi yawa ga wanda ya tsayar wa kansa kashi 1 ko 2. Idan lissafi ya fito haka, amsar ba ita ce a matso da Stop Loss kusa don ya yi daidai da aljihu ba. A koma kasuwar da tazararta ta fi ƙanƙanta a kuɗi, ko a ci gaba da Demo. Wani lokaci ma farashi ba zai dawo ba, ya tafi ya bar ka. Hakan yana cikin kuɗin jira.

Saura abu guda da mai SMA bai saba gani ba, kuma ina son ka dube shi da kyau. Nemo kyandir ɗin da ya taɓa 1,960, ka ƙirga shekarunsa. A ce shi ne na 24 idan ka ƙirga daga na yau. Gobe zai zama na 25, jibi na 26, gata ya fita daga lissafi. Idan mafi araha da ya rage 1,980 ne, Kijun zai yi tsalle daga 2,020 zuwa 2,030 ko da farashi bai motsa ba ko kaɗan. Wanda bai san lissafin ba zai ce Kijun ya ɗaga kai, masu saye sun shigo. Ba wanda ya shigo, tsohuwar lamba ce ta fita. Hawan da yake da ma'ana shi ne wanda sabon farashi mafi tsada ya jawo, wato a wuce 2,080. Duk lokacin da Tenkan ko Kijun ya motsa, ka tambayi kanka wanne ne cikin biyun. Amfanin wannan kuma shi ne kana iya sanin inda Kijun zai kasance bayan kwana uku tun yau, muddin ba a kafa sabuwar iyaka ba, sai ka shirya matsar da Stop Loss ɗinka a bayansa.

Fita kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙe har kyandir na yini ya rufe ƙasa da Kijun. Rufewa, ba taɓawa ba. A wurin dillalan da ke bin ƙarfe biyar na yamma agogon New York, kyandir na yini yana rufewa ƙarfe 10 na dare agogon Maraɗi daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 11 a sauran watanni. Ka duba na dillalinka. Wannan ma sauƙi ne gare mu: duba ɗaya kafin barci ya wadatar, ba sai ka wuni riƙe da waya kana fama da rezo ba. Sai dai ciniki a D1 yana kwana, kuma dillalai suna cire ko ƙara kuɗin kwana da suke rubutawa Swap. Wanda yake gudun riba ya nemi asusun da ba shi da wannan, ya kuma kai wa malamin da ya yarda da shi yadda cinikin yake dalla-dalla kafin ya sa kuɗinsa.

Inda yake cin amana, da yadda za ka gane

Ichimoku kayan bin kasuwa mai tafiya ne, kamar SMA, kuma ciwonsu ɗaya: kasuwar da ta tsaya. Alamunta a bayyane suke. Kijun da Senkou B sun kwanta, Tenkan yana ratsa Kijun sama da ƙasa cikin ƴan kwanaki, gajimaren gaba siriri ne yana ta sauya launi, Chikou ya nutse cikin kyandira. Idan ka ga uku daga cikin waɗannan, duk ratsawar da ta zo ka ƙyale ta har farashi ya rufe a wajen iyakar kwana 52.

Na biyu, kada yardar layuka biyar ta sa ka ji kamar shaidu biyar ne suka tsaya maka. Duka daga farashi ɗaya aka ciro su. Lokacin da suka haɗu a kan magana ɗaya, sau da yawa tafiyar ta riga ta yi nisa, kamar yadda muka gani a misalin nan, inda farashi ya bar Kijun da dalar Amurka 40. Kuma babu ɗayansu da ya san cewa babban bankin Amurka zai yi magana da daren nan. Wutsiya ɗaya doguwa ta irin wannan rana tana iya jan Tenkan na kwana 9, Kijun na 26, alhali SMA da ke kallon rufewa kawai ko a jikinsa. A nan SMA ya fi shi natsuwa.

Na uku, saukowa M5 ko M15 don a sami alamu da yawa. Lissafin zai yi aiki, layuka za su fito, amma kyandir 26 a M5 awa biyu ne da minti goma, kuma abin da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa zai cinye yawancin ribar. Haka batun canza lambobi. Ana danganta 26 da yawan kwanakin aiki na wata a Japan lokacin da ake aiki kwana shida a mako, kuma don haka wasu masu kirifto, da kasuwarsu ba ta hutu, suke sa 10, 30, 60 ko 20, 60, 120. Ba laifi ba ne, amma mai koyo da ya fara juya lambobi zai yi ta juyawa har ya sami waɗanda suka yi daidai da abin da ya riga ya wuce, su kuma kasa a kan abin da ke zuwa.

Kafin ka sa ko sefa ɗaya, buɗe EURUSD a D1. Wannan ta shafe mu kai tsaye, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, duk motsin da ka gani a nan shi ne motsin dalar Amurka a kan kuɗin aljihunka, a juye. Koma baya shekara guda, ka rufe hannun dama na allo da takarda, ka riƙa buɗe kyandir ɗaya-ɗaya. A MetaTrader maɓallin F12 yana yi maka wannan, idan ka kashe Auto Scroll. Kowace ratsawar Tenkan da Kijun, ka rubuta a littafi inda ta faru game da gajimare, nisan farashi da Kijun, da abin da ya faru har ranar da aka rufe a ɗaya gefen Kijun. Sannan ka mayar da SMA 26 da SMA 100 kan taswirar, ka yi musu irin wannan rubutu a shafin da ke kallonsa, ka gwada shafukan biyu.